Yadda Ake Buɗe Jawabi da 'Yar Raha Domin Kwantar da Fargaba da Jawo Hankalin Mahalarta

Tambayar da ɗalibai da ma'aikata suka fi yi mini idan an ba su aikin gabatar da takarda a taro ita ce yadda za su tsallake minti na farko, wato lokacin da baki ke bushewa, hannu ke rawa, murya kuma take fita kamar ta wani. Da yawa sun ga wani gwani ya buɗe jawabinsa da 'yar raha, zauren ya yi dariya, shi kuma ya saki jiki ya ci gaba, don haka suna so su san yadda ake yi. Amsar a taƙaice ita ce rahar da ke aiki ba tatsuniya ba ce, ba kuma labarin ban dariya da aka haddato daga waya ba. Magana ce ta gaskiya, gajera, a kan halin da kai da masu sauraro kuke ciki tare, wadda ko ba a yi dariya ba za ta tsaya da ƙafarta a matsayin zance mai ma'ana.

Domin kada bayanin ya tsaya a iska, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: wani matashin malamin gona da aka ba minti 20 a taron ƙara wa juna sani na ƙungiyoyin manoma a Kano, zai yi bayani kan ajiyar wake a buhu mai ruɓi uku, kuma an sa shi da ƙarfe 2:30 na rana, bayan sallar azahar da cin abinci.

1. Fara sanin zauren

Kwana biyu ko uku kafin taron, ka nemi jadawalin daga masu shiryawa, ka duba abu uku: wane ne zai yi magana kafin kai, a wane lokaci aka sa ka, kuma su wane ne za su zauna a babban teburi. Waɗannan su ne za su gaya maka ko akwai wurin raha ko babu. Idan wanda ya gabace ka zai yi bayani kan ambaliya da ta ci gonaki, ko kuma za a buɗe taron da addu'a ga wani mamba da ya rasu, to zancen raha ya ƙare, sai ka buɗe da godiya ka shiga aikinka kai tsaye.

Lokaci ma yana da tasa magana. Mutanen ƙarfe tara na safe ba su san juna ba tukuna, kowa yana kame, dariyarsu tana da tsada. Mutanen bayan cin abincin rana sun riga sun yi hira a bakin masallaci da wajen rabon abinci, sun saba, sai dai gyangyaɗi na jiransu. Malamin gonarmu ya samu wannan lokaci na biyu, kuma abin da wasu ke ɗauka rashin sa'a shi ne zai zama abin da zai yi raha da shi.

Gargaɗi: a wajen kare kundin digiri gaban mai jarrabawa daga waje, ko gabatar da rahoton kuɗi da aka samu gibi a cikinsa, ko duk wani zama da ya shafi tsaro da rasa rayuka, kada ka buɗe da raha. A irin waɗannan wurare murmushi da sallama mai kyau sun isa.

2. Zaɓi abin da za a yi wa dariya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Kowace raha tana da wanda take faɗawa a kansa, saboda haka kafin ka tambayi kanka ko maganar tana da ban dariya, ka tambayi kanka wa za ta taɓa. Wurare biyu ne kawai suke da aminci ga mai fargaba. Na farko shi ne halin da kowa ke ciki, kamar zafi, ƙarar janareta, jinkirin fara taro idan ba laifin wani takamaimai ba ne, ko nauyin ciki bayan abinci. Na biyu shi ne kai kanka, amma a kan wani ƙaramin abu da bai shafi ƙwarewarka ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana bukatar bayani. Idan ka ce tun jiya matarka ta gaji da jin wannan jawabi har ta haddace shi, ka yi wa kanka raha, kuma ka nuna a fakaice cewa ka yi shiri. Idan kuwa ka ce kai dai ba ka san komai a kan wannan batu ba, an dai tura ka ne, to ka yi wa kanka illa, domin akwai wanda zai ɗauki maganar da gaske ya ciro wayarsa. Tawali'u abin so ne a wurinmu, kuma dattawa suna jin daɗin yaron da ya ce a gabansu shi ɗalibi ne, amma akwai bambanci tsakanin girmama na gaba da rushe abin da ka zo faɗa.

Sai batun wasan barkwanci na gargajiya, wanda kusan kowane mai tambaya yake kawowa. Gaskiya ne muna da wannan taska: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, ga kuma wasan taubasai da na jika da kaka. Al'ada ce mai ƙarfi, har hukumar UNESCO ta sa irinta ta ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2014. Idan Bakano ya tsaya gaban zauren da shugaban taronsa Bazazzagi ne, kuma su biyun sun san juna, kalma guda ta tsokana tana iya tayar da zauren gaba ɗaya. Sai dai wannan wasa yana da ƙa'ida: dole kai ɗan ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ne, dole wanda ka tsokana ya san wasan kuma yana da damar ramawa, sannan dole mafi yawan mahalarta su gane cewa wasa ne. Ra'ayina shi ne mai fargaba ya bar wannan sai ya goge, domin wasan yakan jawo martani nan take daga babban teburi, kuma wanda gwiwarsa ke rawa ba ya cikin halin da zai iya mayar da amsa.

Gargaɗi: addini da ɗariƙa, jam'iyya, naƙasa, surar jikin wani, zaman aure da kishi, da duk wata raha da ke faɗawa kan mata a zauren da suke zaune, ba su da wuri a nan. Haka kuma ba a yi wa basarake ko malamin da ke zaune a wurin raha, ko da ka ji wani tsaransa ya yi masa.

3. Rubuta ta, ka rage ta

Ka rubuta rahar kalma da kalma, kada ka ce za ta zo maka a can. Tsawonta kada ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20, wato jimla biyu ko uku. Dalilin taƙaitawar shi ne duk yadda shimfiɗa ta yi tsawo haka masu sauraro ke ƙara sa ran abin da zai biyo baya, kuma labarin da ya ci minti biyu sai ya haifar da dariya mai yawa kafin ya biya kuɗinsa, alhali magana mai daƙiƙa 15 murmushi ma ya biya ta.

Ga rubutun farko na malamin gonarmu: "Na san kowa ya ci abinci ya ƙoshi kuma barci zai iya ɗaukar wasu, domin an ba ni lokaci mai wahala, to amma ina roƙo kada a yi minshari saboda zai dami mutane, ko da yake ba zan ji haushi ba idan an yi barci." Tunanin yana da kyau, amma ginin ya lalace. Kalmar da ke ɗauke da dariyar, wato minshari, ta nutse a tsakiya, kuma bayanta akwai sauran magana da za ta danne duk wanda ya fara murmushi.

Ga yadda ta koma bayan gyara: "Masu shirya taro sun haɗa ni gasa da shinkafa da wake, kuma daga yadda nake ganin idanunku, shinkafa da wake ce ke kan gaba. Duk wanda barci ya ɗauka na yafe masa, roƙona ɗaya ne, a tausaya wa maƙwabci wajen minshari." An yi abu uku a nan. An fara da abin da kowa ya san gaskiya ne, domin yanzu suka ajiye cokali. An sa mai magana a matsayin wanda ake kayarwa, don haka babu wanda aka muzanta. Sannan an kai kalmar dariyar ƙarshen jimla, ta yadda da ya faɗe ta sai ya yi shiru.

Ka lura da cewa wannan raha tana dogara da abin da aka ci a ranar. Saboda haka sai ka tambayi masu shiryawa tun da safe abin da za a raba, ko ka jira ka gani da idonka, ka sauya kalmar idan tuwo ne ko dambu. Idan ka ce shinkafa alhali gurasa aka ci, kowa zai gane haddarta ka yi daga gida, kuma daɗinta ya tafi.

4. Gina gadar da za ta kai ka ga batun

Raha da ba ta da alaƙa da jawabi takan bar mai magana a tsaye bayan dariya ta lafa, bai san yadda zai shiga aikinsa ba, sai ka ji yana ta "to, yanzu dai, bari mu koma kan abin da ya tara mu". Fargabar da ta tafi sai ta dawo a daidai wannan gurbi. Maganinsa shi ne ka rubuta jimla guda da za ta ɗauko wata kalma daga rahar ta kai ta cikin batun, ka haddace ta kamar yadda ka haddace rahar.

Malamin gonarmu ya yi sa'a, gadarsa tana cikin kwanon abincin: "Waken nan da ya kayar da ni yanzu, shi ne maganarmu ta yau, domin kafin ya iso kwanonku sai da ya tsira daga ƙwaron da ke huda shi a ajiya." Daga nan sai ya ɗaga buhun, ya nuna ledoji biyu na ciki da buhun saƙa na waje, ya fara bayanin yadda ɗaure kowane ruɓi daban ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu. Idan ka gwada ka kasa samun irin wannan gada, alama ce cewa rahar ba ta wannan jawabi ba ce, sai ka nemi wata.

5. Sa ta a gurbinta

A zaurukanmu ba a buɗe baki da raha. Sallama ce farko, sai abin da aka saba na buɗewa da sunan Allah, sai gaisuwa ga shugaban taro da iyayen ƙasa da manyan baƙi gwargwadon matsayinsu, sannan sauran mahalarta maza da mata. Bayan wannan ne rahar ke zuwa, kafin ka faɗi kan jawabinka. Wanda ya tsallake gaisuwa ya faɗa wasa ya riga ya ɓata wa babban teburi, kuma sauran jama'a sukan saci kallon babban teburi kafin su yanke shawarar yin dariya.

Wannan tsari yana da wani amfani ga mai fargaba. Amsa sallama da zauren zai yi baki ɗaya ita ce karo na farko da za ka ji muryarsu, kuma gaisuwar, da yake kalmomi ne da bakinka ya saba da su, tana ba muryarka daƙiƙa 30 ta daidaita kafin ka iso wurin da ke bukatar natsuwa. Sai dai ka taƙaita gaisuwar. Idan masu magana biyar sun riga sun jero sunayen manyan baƙi, ya isa ka gai da shugaban taro ka haɗa sauran a jimla guda.

6. Gwaji da kayan aiki

Wannan aiki ba ya cin ko sisi, abin da yake ci shi ne kamar minti 30 na daren jajibiri. Kayan aikin su ne wayarka, agogo, ƙaramar takarda, da mutum guda mai gaya maka gaskiya. Ka tsaya da ƙafarka, ka kunna rikodar waya, ka faɗi buɗewar gaba ɗaya tun daga sallama har ƙarshen gada, sau biyar ko shida. Da ka saurara za ka ji abin da ba ka ji lokacin da kake magana: inda kake sauri, inda kake haɗiye ƙarshen kalma, da inda ka sa dariya a muryarka tun kafin ka iso wurin.

Bayan haka ka gwada ta a kan mutum guda da ya yi kama da mahalarta a shekaru da matsayi, ba abokin wasanka da ke dariya ga duk abin da ka faɗa ba. Kada ka gaya masa raha ce za ka gwada, ka ce dai ya saurari buɗewarka. Idan ya yi murmushi da kansa, ta yi. Idan sai da ka yi masa bayani, ka jefar da ita. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko akwai wanda maganar za ta iya ɓata wa rai.

A ƙaramar takardar ka rubuta kalmomin farko na rahar da jimlar gada cikakkiya da manyan baƙaƙe. Kada ka sa rahar a allon majigi, domin mutane za su karanta ta kafin ka faɗa, kuma idan aka ɗauke wuta ka rasa mabuɗinka.

Gargaɗi: idan akwai tafinta, kamar yadda ake yawan yi a tarukan da ke haɗa masu Hausa da masu Faransanci ko Ingilishi, ka gaya masa rahar tun kafin a fara. Wasa da kalmomi ba ya ƙetare harshe, amma raha irin ta abinci da barci tana ƙetarewa. Haka nan idan Bakano zai yi magana a Sakkwato ko Maraɗi, ya tabbata kalmar da dariyar ta rataya a kanta ba ta da wata ma'ana a can.

7. Minti biyu kafin a kira ka

Bugun zuciya da bushewar baki da rawar hannu aikin sinadarin da jiki ke saki ne idan ya ji kamar akwai haɗari, kuma ba a korarsa da ce wa kanka ka natsu. Abin da ke rage shi shi ne numfashi: ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, sau huɗu ko biyar kana zaune. Ka kurɓi ruwa kaɗan. Idan ka karɓi makirufo ka riƙe shi kamar faɗin yatsu huɗu daga bakinka, ka gwada shi da sallamarka. Raha da rabin zaure bai ji ba ta mutu, domin ba a maimaita ta.

Idan hannunka na rawa, kada ka riƙe falle guda na takarda, domin takardar za ta yi ta kaɗawa kowa na gani. Ka ɗora ta a kan teburi, ko ka riƙe ta tare da littafi mai kauri.

8. Faɗarta

Kada ka yi mata shela. Maganganu irin su "bari in ɗan ba ku dariya" suna mayar da masu sauraro alƙalai, kowa ya gyara zama yana jira ya gani ko za ka iya. Ka faɗe ta da muryar da ka yi gaisuwa da ita, kamar wani abu ne da ka lura da shi yanzu. Tun kana zaune ka riga ka zaɓi fuska biyu ko uku masu sakin rai a sassan zauren daban-daban, su za ka duba, ba ƙasa ko silin ba.

Ka ɗan dakata kafin kalmar ƙarshe, ka faɗe ta a fili, sannan ka yi shiru kana ƙirga uku a zuci. Wannan shirun shi ne ya fi wa mai fargaba wuya, domin daƙiƙa uku a gaban jama'a sukan yi masa tsawon minti, sai ya ruga cikin jimla ta gaba ya take dariyar da ta fara tasowa. Mutane suna bukatar ɗan lokaci su gane maganar, su dubi na kusa da su, sannan su saki. Idan dariyar ta zo, ka yi murmushi tare da su, ka yi amfani da lokacin ka sauke numfashi mai tsawo, domin a nan ne ainihin amfanin rahar gare ka yake: kafaɗunka za su sauka, muryarka ta koma gurbinta. Ka shiga jimlar gada lokacin da dariyar ta fara raguwa, kada ka jira ta mutu gaba ɗaya.

Gargaɗi: idan ta yi kyau, za ka ji sha'awar ƙara ta biyu wadda ba ka shirya ba. Ka danne wannan sha'awa. Yawancin maganganun da ake nadama a kansu a taro na biyun ne, kuma mai kula da lokaci yana ƙirga maka minti 20 ɗinka tun daga sallama.

9. Idan ba a yi dariya ba

Wannan zai faru wata rana, ya faru da ni a wani taro da na buɗe da raha kan zafi ban lura cewa fanka tana kan babban teburi kaɗai ba, sai maganar ta zama kamar gugar zana ga masu shiryawa. Abin yi shi ne ka ƙirga ukun nan, ka yi ɗan murmushi, ka faɗi jimlar gada kamar yadda ka tsara. Kada ka maimaita rahar, kada ka yi bayaninta, kada ka ce "wasa nake yi", kada kuma ka zargi zauren da rashin fara'a. Tunda ba ka yi shela ba, kuma maganar gaskiya ce a kan halin da ake ciki, mafi yawan mutane ba za su ma san an yi niyyar ba su dariya ba. Malamin gonarmu, ko da zauren ya yi tsit, bai faɗi komai ba face cewa an ci shinkafa da wake kuma ana jin barci, sannan ya wuce ga waken.

Ka kuma san yadda ake karanta zaure, domin ba kowane shiru ne faɗuwa ba. A taron da dattawa ko sarakuna ke gaba, murmushi da gyaɗa kai su ne dariyar. A taron da ake yi ta Zoom, inda kowa ya kashe makirufonsa, ba za ka ji komai ba ko da suna dariya, don haka ka rage shirun zuwa ƙirga biyu, ka duba fuskokin da ke kan allo. Alamar da ke nuna an samu matsala ta gaske daban take: fuskoki su ɗaure, mutane su dubi wani mutum guda, ko shugaban taro ya sunkuyar da kai. Idan ka ga haka, maganarka ta taɓa wani, sai ka ce "a gafarce ni idan na yi kuskure" sau ɗaya a taƙaice, ka ci gaba da jawabinka, sannan bayan an tashi ka nemi mutumin kai da shi ka ba shi haƙuri.